Ina Sauran Mata 150 Ɗin?

A babi na uku na kundin digiri, inda ɗalibi ke bayyana yadda ya gudanar da bincikensa, an rubuta cewa an tattara bayanai daga mata 400. Mai karatu ya buɗe babi na huɗu, ya kai jadawali na ƙarshe wanda duk sakamakon ya rataya a kansa, sai ya ga a ƙasa an rubuta 250 da ƙananan baƙaƙe. Tsakanin babin nan biyu mata 150 sun yi ɓatan dabo, kuma babu layi ɗaya da ya faɗi inda suka shiga. Wanda ya saba duba kundayen ɗalibai ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Sau da yawa ma shi kansa ɗalibin bai san sun ɓace ba, domin ba shi ya kore su ba. Kwamfuta ce.

Manhajojin lissafi irin su SPSS da Stata da R, in aka ce su auna alaƙar abubuwa da yawa a lokaci guda, ba sa iya aiki da layin da ke da gurbi. To sai su ɗauke layin ɗungurungum su ajiye gefe. Matar da ta amsa tambaya tara ta bar ɗaya, an zubar da amsoshinta tara saboda ɗayan nan. A SPSS zaɓin da ke yin haka sunansa `Exclude cases listwise`, kuma a lissafi da dama shi ne ke kunne tun asali, ba sai an taɓa shi ba. R kan ɗan yi kara ta rubuta a ƙasa cewa `observations deleted due to missingness`, tare da yawan waɗanda ta cire. Stata kuwa sai dai mutum ya duba `Number of obs` ya gane da kansa. Wannan hanya za mu kira ta zubar da layi.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yadda ƙananan gurabe ke taruwa su zama rami. A ce tambayoyi 10 ne za su shiga lissafi, kowace kashi 5 cikin 100 kawai na mutane suka tsallake ta, kuma tsallake wannan bai da alaƙa da tsallake waccan. Mutum zai ce ai ba komai. Amma in aka ninka 0.95 da kanta har sau 10, abin da zai fito bai kai 0.6 ba. Wato mutum huɗu cikin kowane goma sun fita daga lissafin, alhali babu tambaya ɗaya da za a nuna a ce ita ce matsalar.

Raguwar adadi dai asara ce, amma ita ce ƙaramar asara. Babbar tana cikin tambayar su wane ne suka fita.

Bari mu ƙaddara wani misali, alƙalumansa na koyarwa ne kawai, don a ga yadda abin ke aiki. Wata ɗaliba a fannin lafiyar al'umma tana son sanin jarirai nawa ake haifa da nauyi ƙasa da kilo 2.5, wanda shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na ƙarancin nauyi. Ta yi wa mata 400 rajista a wajen awon ciki, ta rubuta shekarunsu, yawan haihuwarsu, yawan jininsu, da nisan gidajensu daga asibiti. Ta bi su har haihuwa. Wadda ta haihu a asibiti an ɗora jaririnta a sikeli. Wadda naƙuda ta kama cikin dare ta haihu a ɗakinta a hannun ungozoma, ba wanda ya auna, kuma ranar da aka kawo shi rigakafi nauyinsa ya riga ya canza. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san haihuwar gida ba abin nema da fitila ba ce.

Cikin matan, 250 na kusa da asibiti ne, 150 na ƙauyuka masu nisa. Na kusa, an auna jariran 200, aka sami 16 masu ƙarancin nauyi, wato kashi 8 cikin 100. Na nesa, 50 kawai aka auna, aka sami 10, wato kashi 20. In ɗalibar ta bar kwamfuta ta zubar da layi, za ta sami 26 cikin 250, ta rubuta kashi 10.4. Lissafin daidai ne, ba kuskure ko ɗaya a rabawa. Sai dai matan nesa, waɗanda su ne matsalar ta fi addaba, sun kai 150 cikin 400 a ranar rajista, amma a jadawalin ƙarshe sun koma 50 cikin 250. An rage musu murya ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Yanzu a ce jariran da ba a auna ba suna kama da na maƙwabtansu da aka auna. Na kusa 50 da suka ɓace za su ba da kamar 4, na nesa 100 za su ba da kamar 20. A haɗa da 26 na farko, ya zama 50 cikin 400, kashi 12.5. Daga 10.4 zuwa 12.5, mata ɗaya ne, asibiti ɗaya ne, abin da ya canza kawai shi ne zaton da aka yi a kan waɗanda ba a gani ba.

A nan ne gaɓar maganar take. Babu wata hanyar magance gurbi da ba ta ɗauke da zato a cikinta. Mai zubar da layi yana ganin kamar shi ya wanke hannunsa, bai ƙirƙiri komai ba, amma a haƙiƙa ya yi zato mafi girma: cewa matan da suka rage hoton dukkan matan ne. Aikin sakin layin nan na babi na uku shi ne a fito da zaton fili, mai karatu ya auna shi da hankalinsa.

Donald Rubin, masanin ƙididdiga Ba'amurke, shi ya fara tsara wannan tunani a wata maƙala ta 1976, kuma daga aikinsa ne aka sami rabon gida uku da ake amfani da shi har yau. A littattafai ana taƙaita su da MCAR da MAR da MNAR. Na farko shi ne ɓacewar tsautsayi zalla: sikelin ya lalace na mako biyu, ko ruwa ya jiƙe wasu shafukan rajista, ba ruwan ɓacewar da ko wace ce matar. A nan zubar da layi ba ya karkatar da sakamako, rage masa ƙarfi kawai yake yi. Na biyu shi ne ɓacewar da ke da dalili, amma dalilin yana rubuce a hannunmu, kamar nisan gida a misalinmu. Sunan da aka ba shi da Turanci yana ruɗa ɗalibai, domin yana sa su ɗauka ɓacewar ta haka-kawai ce, alhali abin da ake nufi shi ne: in ka kwatanta mata masu nisa ɗaya, shekaru ɗaya, jini ɗaya, to a tsakaninsu wadda aka auna da wadda ba a auna ba ba su da wani bambanci na musamman. Na uku shi ne mai wuyar sha'ani, inda abin da ya ɓace shi kansa ke da hannu a ɓacewarsa. Bakwaini yakan zo ba shiri, kafin a nemo mota an riga an haihu a gida, kuma bakwaini ƙaramin jariri ne. Ke nan ƙanƙantar tasa da rashin aunonsa tushensu ɗaya. Haka attajirin da ya ƙi faɗin kuɗin shigarsa saboda yawansu.

Wani abu da ya kamata kowane mai rubutu ya sani: bayanan da ke hannu ba za su taɓa iya raba na biyu da na uku ba. Akwai gwajin da Roderick Little ya fitar a 1988, wanda SPSS ke bayarwa, kuma ɗalibai na son kafa hujja da shi. Iyakar abin da yake iya nunawa shi ne ko akwai alamar ɓacewar ba ta tsautsayi zalla ba ce. Ba zai gaya maka nauyin jaririn da ba a taɓa ɗorawa a sikeli ba. Don haka jumlar da ke cewa "an tabbatar" da cewa ɓacewar ta gida na biyu ce, jumla ce da ta wuce gona da iri. "An ɗauka" ya kamata a ce, sannan a kawo dalili. Dalilin kuma daga sanin wurin yake fitowa, daga hira da ma'aikatan awo da masu bin gida-gida, ba daga allon kwamfuta ba.

Akwai wata dabara da ta yaɗu saboda sauƙinta: a lissafa matsakaicin nauyin jariran da aka auna, a zuba shi a duk gurbin da ba kowa. Kitso ne da ƙwarƙwata. In matsakaicin ya kama kilo 3, an ƙirƙiri jarirai 150 masu kilo 3 cif, babu ɗaya da ya faɗo ƙasa da 2.5. Sakamakon zai zama 26 cikin 400, kashi 6.5, ya fi na zubar da layi nisa da gaskiya, ga shi kuma yana tinƙaho da cikakken adadi. Wanda ya yi haka, aƙalla ya faɗa, don mai karatu ya san abin da aka ba shi.

Hanyar da Rubin ya shimfiɗa a littafinsa na 1987 ta bambanta, kuma za mu kira ta cike gurbi sau da yawa. Kwamfuta na duba matan da aka auna jariransu, ta koyi yadda nauyi ke tafiya da nisan gida da jinin uwa da shekaru da sauransu, sannan ta kintaci nauyin kowane jaririn da ya ɓace. Amma ba ta tsayawa a kan kintace ɗaya, domin kintace ba sani ba ne. Takan cike duk guraben da ɗan bambanci na ganganci, ta ajiye wannan kwafi, ta sake cikewa ta ajiye wani, har kwafi 20 ko 40. A yi lissafin binciken a kan kowane kwafi daban, sannan a haɗa. Matsakaicin amsoshin shi ne amsa. Yadda kuma amsoshin suka saɓa wa juna daga kwafi zuwa kwafi, shi ne ma'aunin jahilcinmu game da waɗanda suka ɓace, kuma ana ƙara shi a kan tazarar rashin tabbas. Kamar ka aiki dillalai 40 su yi wa saniyar da ba su gani ba kuɗi bisa kwatance. In bakinsu ya zo kusa da juna, kwatancen ya wadatar. In sun warwatse, ka san ba ka san farashin ba, kuma ba za ka yi rantsuwa a kai ba.

A da ana cewa kwafi 3 zuwa 5 sun isa, lokacin da kwamfuta ke da tsada da nawa. A 2011 Ian White da Patrick Royston da Angela Wood suka ba da shawarar da mutane da yawa ke bi yanzu: yawan kwafi kada ya gaza kason layukan da ke da gurbi. A misalinmu kashi 37.5 ne, don haka 40. A R, kunshin `mice` na Stef van Buuren ne aka fi amfani da shi, kuma aikin bai wuce haka ba:

```
imp <- mice::mice(dat, m = 40, seed = 2024)
fit <- with(imp, glm(I(nauyi < 2.5) ~ nisa + jini, family = binomial))
summary(mice::pool(fit))
```

Layi uku ke nan, kuma sauƙin nan shi ne haɗarin. Mutum na iya rubuta "an yi amfani da cike gurbi sau da yawa" ya wuce, mai duba ya ga babban suna ya gyaɗa kai. Amma sunan hanyar ba ya gaya wa kowa ko an yi ta daidai.

Birtaniya ta ba da darasi a kan wannan. A 2007 mujallar likitoci ta BMJ ta buga QRISK, wani ma'auni na kintatar haɗarin ciwon zuciya da aka gina daga bayanan marasa lafiya fiye da miliyan ɗaya na asibitocin unguwa. Kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen ba su da cikakken gwajin kitsen jini, wato kolestarol, sai masu binciken suka cike guraben sau da yawa. Sakamakon ya fito da abin da ya ɗaure wa likitoci kai: wai kitsen jini kusan ba shi da alaƙa da ciwon zuciya, abin da aka daɗe da tabbatar da akasinsa. Masu karatu suka yi ca. Da aka koma, sai aka ga cewa in an tsaya ga masu cikakken bayani alaƙar na nan a fili, kuma da aka gyara tsarin cikewar ta dawo. Cikin abubuwan da masana suka nuna wa yatsa har da rashin sanya sakamakon kansa, wato ko mutum ya kamu da ciwon zuciya ko bai kamu ba, cikin abubuwan da ake kintace da su. In ka cike kitsen jinin mutum ba ka duba ko zuciyarsa ta buga ba, ka ƙirƙiri dubban mutanen da kitsensu ba ruwansa da zuciyarsu, kuma yawansu zai dilmiyar da gaskiyar 'yan kaɗan da aka gwada. Gyaran gangar Auzinawa. Bayan wannan, a 2009, Jonathan Sterne da abokan aikinsa suka wallafa a BMJ ɗin jagorar abin da ya kamata mai cike gurbi ya bayyana, suka kuma kafa misali da wannan labari.

Abin lura a nan shi ne ƙwararru ne suka yi aikin, kuma an gano matsalar ce saboda sakamakon ya ci karo da abin da kowa ya sani. Da a kan wani sabon abu ne da ba wanda ya san amsarsa, da ta wuce salin-alin. Shi ya sa jerin abubuwan da aka yi kintace da su ya fi sunan manhaja muhimmanci a babi na uku.

To me ɗalibarmu za ta rubuta? Kundinta da Turanci zai kasance, ko da Faransanci in a Yamai ko Maraɗi take, amma ma'anar ba ta canzawa. Ga yadda zai iya zama:

"Cikin mata 400, ba a sami nauyin jariri ba ga 150 (kashi 37.5), dukkansu saboda haihuwar gida. Sauran bayanan sun cika. Rashin awon ya fi yawa ga matan nesa (100 cikin 150) fiye da na kusa (50 cikin 250). Saboda haka ba mu ɗauki ɓacewar a matsayin tsautsayi ba. Mun ɗauka cewa nisan gida, jinin uwa, shekarunta, yawan haihuwa, tsayin ciki a awon ƙarshe, da girman jariri kamar yadda uwar ta kwatanta shi, sun isa su bayyana bambancin waɗanda aka auna da waɗanda ba a auna ba. Da waɗannan muka kintaci nauyi a kilo, a kwafi 40, da kunshin `mice` na R, sannan muka ware na ƙasa da 2.5, muka haɗa sakamako bisa ƙa'idojin Rubin. Mun kawo sakamakon masu cikakken bayani a gefe don kwatanci. Tun da haihuwar bakwaini na iya jawo haihuwar gida da ƙarancin nauyi a tare, mun sake lissafi bisa zaton cewa matsalar ta fi yawa da rabi a cikin waɗanda ba a auna ba."

A duba yadda sunan hanyar ya zo a makare, bayan an faɗi nawa suka ɓace, su wane ne, da dalili. A ganina haka ya kamata jerin ya kasance. Ƙa'idar STROBE ta 2007, wadda mujallun lafiya da yawa ke buƙata ga irin wannan bincike, ta nemi a bayyana yadda aka yi da bayanan da suka ɓace, kuma a wani wurin ta nemi a faɗi yawan masu gurbi a kowace tambaya daban. "Wasu bayanai sun ɓace" bai biya ko ɗaya ba.

Tsayin ciki da kwatancen uwa ba sa cikin ainihin tambayar binciken, an kawo su ne don su taimaka wa kintace, kuma su ne ke ba aikin daraja. Tambayar uwa ko jaririnta babba ne, matsakaici ko ƙarami lokacin haihuwa, tsohuwar dabara ce, babban binciken lafiyar iyali na ƙasa da ake yi a Nijeriya da Nijar yana yin ta. Amma sai an yi tunaninta tun kafin a fita fili. Wanda ya tuna da ita bayan an gama tattara bayanai, ya makara.

Jumlar ƙarshe ta sakin layin ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce ta fi nuna gaskiyar mai bincike. A lissafa ta: in na kusa da ba a auna ba kashi 12 ne maimakon 8, na nesa kuma 30 maimakon 20, za a sami 6 da 30, a haɗa da 26, ya zama 62 cikin 400, kashi 15.5. Yanzu mai karatu na da lambobi uku a gabansa, 10.4 da 12.5 da 15.5, kowace da zatonta a rubuce. Jami'in lafiyar da zai yanke shawarar gadajen jarirai nawa za a tanada ya san cewa ta farkon ta yi ƙasa, ya kuma san tazarar da yake aiki a ciki.

Kada kuma a ɗauka zubar da layi laifi ne a ko'ina. In mutum 6 ne suka ɓace cikin 400, a zubar, a faɗi adadin, a wuce, ba sai an tayar da kwafi 40 ba. Har ma a babban gurbi akwai inda ya dace. Da tambayar ɗalibar ba "nawa ne" ba ce, a ce alaƙar jinin uwa da nauyin jariri take nema, ta sa nisan gida a cikin lissafin, kuma ba ta da wani ƙarin bayani irin kwatancen uwa, to cikewar ba za ta ƙara mata wani abin kirki ba, domin daga abin da lissafin ya riga ya sani za a yi kintacen. Irin wannan sai ta rubuta cewa ta tsaya ga masu cikakken bayani, ga yawansu, ga dalilin da ya sa take ganin hakan bai karkatar da alaƙar ba. Wannan amsa ce mai mutunci a gaban kowane kwamitin kare kundi.

Saura wani ƙaramin abu da ke kayar da manya. Masu shigar da bayanai kan sa 99 ko 999 a inda ba amsa. In ba a gaya wa manhajar cewa lambar nan alamar gurbi ce ba, za ta ɗauke ta a matsayin awo, sai a wayi gari matsakaicin shekarun mata masu ciki ya kai 41. Akwai kuma gurbin da ba ɓacewa ba ne: matar da ke ɗauke da cikin fari ba ta da amsar tambayar tazarar haihuwa, ba don ta ƙi ba, sai don tambayar ba ta shafe ta ba. In aka bar kwamfuta ta cike mata, za ta ba ta tazarar wata 26 tsakanin wannan ciki da ɗan da ba ta taɓa haifa ba. Sakin layin ya kamata ya raba "ba ta sani ba" da "ta ƙi amsawa" da "bai shafe ta ba", ya kuma faɗi waɗanne aka cike, waɗanne aka bari yadda suke.